Yadda ake bambance umarnin tura kuɗi da izinin cirar kuɗi, da yadda ake gano waɗanda ke aiki a asusunka

Kuɗi na fita daga asusun banki ba tare da mai asusun ya taɓa waya ba ta hanyoyi biyu da mutane ke yawan haɗawa wuri guda. Na farko shi ne wanda ake rubutawa `Standing Order` ko `Standing Instruction` a manhajar banki da takardunsa, a nan za mu kira shi umarnin turawa. Na biyu shi ne `Direct Debit`, wato izinin cira. A alat kusan kamarsu ɗaya, an cire kaza, saura kaza. Bambancin yana wajen wanda ke tayar da biyan. A na farko kai ne ka ce wa bankinka ya tura. A na biyu wani kamfani ne ke zuwa ya nema daga bankinka, bisa izinin da ka ba shi tun farko. Wannan shi ke nuna inda za ka duba, da wanda za ka yi wa magana idan kana so a tsayar. Bayanin nan ya shafi yadda abin ke tafiya a bankunan Najeriya.

Umarnin turawa

Magana ce tsakaninka da bankinka kaɗai. Za ka faɗi lambar asusun da za a tura wa, da adadin kuɗin, da ranar farawa, da tazarar biyan, ko duk mako ko duk wata ko bayan wata uku, da ranar da za a daina. Wanda ake tura wa ba ya sa hannu a komai, ba lallai ma ya san an kafa ba. Idan ranar ta zo, banki zai yi taransifa a madadinka kamar yadda za ka yi da hannunka. Adadin ba ya motsi sai kai ka canza shi. Saboda haka ya dace da abin da kuɗinsa tsayayye ne: abin da ake tura wa iyaye duk wata, zubin adashi, ajiyar da ake warewa zuwa wani asusun, kuɗin hayar shago.

Matsalarsa guda biyu ce. Idan ranar ta zo babu isassun kuɗi, turawar ba za ta tafi ba, kuma ba kowane banki ne ke sake gwadawa washegari ba, sai dai wanda ke jira ya kira ka ya ce shiru. Ta biyun ta fi tsada. Banki bai san adashi ya ƙare ba, bai san ka tashi daga shagon ba. Muddin ba ka sa ranar ƙarshe ba, ko ka sa mai nisa, zai ci gaba da turawa. Kuɗin da ya tafi ta haka banki bai yi kuskure a kansa ba, umarninka ya bi, don haka dawo da shi ya rataya ga yardar wanda ya karɓa. Shi ya sa duk mai kafa irin wannan ya kamata ya sa ranar ƙarshe daidai da ƙarshen abin da yake biya. Haka kuma a guji zaɓar 29 ko 30 ko 31 ga wata, tunda ba kowane wata ke da su ba, kuma bankuna sun sha bamban a yadda suke yi da hakan.

Izinin cira

Nan ɓangarorin sun ƙaru. Akwai kai, akwai bankinka, akwai kamfanin da ke karɓa da nasa bankin, sai kuma mai shiga tsakani da ke ɗauke da saƙon, galibi NIBSS ko Remita. Takardar izinin ita ake kira `Mandate`, kuma tana ɗauke da sunan kamfanin, da lambar asusunka, da adadi, da tazara, da ranar farawa da ta ƙarewa, da wata lambar shaida ta musamman. Wannan lamba ita ce abin da ya fi muhimmanci ka adana, domin da ita ake nemo izinin ranar da za a soke shi.

Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2018 a kan wannan tsari ta raba izinin gida biyu. Akwai mai tsayayyen adadi, inda ake cire kuɗi iri ɗaya kowane lokaci. Akwai mai sauyawa, inda kamfanin ke cire abin da lissafi ya kama, muddin bai haura iyakar da aka rubuta ba. Wannan iyakar ce mutane ba sa karantawa. Mutum ya ci bashin da zai riƙa biyan naira 30,000 a wata, amma iyakar da ke cikin izinin ta kai jimillar bashin duka ko ma fiye. Ranar da ya yi jinkiri, kamfanin na iya neman abin da ya taru a lokaci guda, bankin mutumin kuma zai biya tunda bai wuce abin da ya sa wa hannu ba. Ƙa'idar ta kuma wajabta wa kamfani ya sanar da mai asusu kafin ya sauya adadi ko ranar cira. Wannan haƙƙinka ne, kuma hujja ce idan an cire ba sanarwa.

A da ana cike takarda a kai banki. Yanzu yawanci a waya ake gamawa, ko da lambar sirri ta lokaci ɗaya da ake turowa, ko kuma a ce ka tura naira 50 daga asusunka zuwa wata lambar asusu da aka nuna maka. Wannan naira 50 tana matsayin sa hannu ne. Idan wani ya ce ka tura naira 50 don a tantance ka kafin a ba ka tallafi ko aiki, ka dakata ka karanta abin da ke allon, domin mai yiwuwa izinin cira kake kunnawa a kan asusunka.

Wani bambanci da ke taɓa aljihu: a jadawalin cajin banki na Babban Banki na 2020, idan aka zo cira ta wannan hanya aka tarar babu kuɗi, ana iya cajin mai asusun kashi 1 cikin 100 na adadin ko naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Idan kuwa dalilin gazawar ba rashin kuɗi ba ne, babu caji.

Wasu biyu masu kama da su

Kafin a fara bincike a san akwai ciran da ba ya cikin waɗannan biyun, don kada a ɓata lokaci ana nema inda ba ya nan. Ɗaya shi ne biyan da aka ɗaura a kan katin ATM. Ka shigar da lambar kati da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya a wani shafi, na kallon fina-finai ko na ajiya ko na bashi, shafin ya adana katin yana cira duk wata. Wannan yana bin katin ne, don haka sau da yawa ba ya fitowa a jerin izinin da ke kan asusu. Canza lambar sirrin kati ba ya tsayar da shi, domin ciran da ake maimaitawa ba ya neman ta.

Ɗayan kuma shi ne GSI, wato `Global Standing Instruction`, tsarin da Babban Banki ya fara aiki da shi a kan ɗaiɗaikun mutane ranar 1 ga Agusta, 2020. Duk da akwai kalmar umarni a cikin sunansa, ba irin wanda kake kafawa ka soke ba ne. Izini ne da mai cin bashin banki ke sa wa hannu, cewa idan ya kasa biya a bi BVN ɗinsa a cire daga sauran asusunsa na wasu bankuna. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai aka yarda a cire ta nan, ban da tarar jinkiri. Idan ka ga an cire maka a bankin da ba ka taɓa cin bashinsa ba, kafin ka tuhumi kowa ka tambaya ko GSI ne.

Mataki na farko: manhaja

Buɗe manhajar bankinka, ko shafinsa na intanet a kwamfuta, wanda sau da yawa ya fi manhajar nuna abubuwa. Shiga sashen tura kuɗi ko na biyan kuɗi ka nemi ɗaya daga cikin sunayen nan, don kowane banki da nasa:

```
Standing Order
Standing Instruction
Scheduled Payments
Recurring Transfer
Direct Debit
Mandates
```

Duk wanda ka samu ka buɗe shi, ka rubuta sunan mai karɓa, da adadi, da ranar cira ta gaba, da ranar ƙarewa, da matsayinsa. `Active` na nufin yana aiki. `Expired` ko `Cancelled` ya mutu. `Pending` yana jiran amincewa, kuma shi ma abin kulawa ne, don idan ba ka san shi ba to wani ya fara kafa izini a kan asusunka. Ka ɗauki hoton allon da kwanan wata.

Kada ka tsaya a nan ka ce ka gama. Umarnin da aka cike a takarda a reshe shekaru uku da suka wuce ba lallai ya fito a manhaja ba. Bankuna da dama ma ba sa nuna izinin cira a manhaja kwata-kwata. Idan jerin ya fito babu komai, iyakar abin da ka tabbatar shi ne manhajar ba ta nuna komai ba.

Mataki na biyu: sitatimen na wata 13

Nemi bayanin shige da ficen asusu, wato sitatimen, ta manhaja ko imel. Wata uku ba ya isa. Akwai abin da ake cira sau ɗaya a shekara, kamar inshora ko sabunta rajista, kuma wata 13 ne zai tabbatar ka kama shi, wani lokaci har sau biyu. Bi layin kuɗin da suka fita kawai. Tsallake duk wanda ka tuna ka yi da hannunka, ka ja layi a ƙarƙashin duk wanda ya maimaita kansa.

Sai ka karanta bayanin da ke gefen kowanne. Rubutun ya bambanta daga banki zuwa banki, amma akwai alamun da ke taimakawa. Umarnin turawa yakan zo da `SO` ko `SI` ko cikakken sunansa, da sunan mutumin da ka sani, adadi ɗaya, rana ɗaya. Izinin cira yakan zo da `DD` ko `DIRECT DEBIT` ko sunan NIBSS ko Remita, da sunan kamfani da doguwar lamba, kuma adadin ko ranar na iya motsawa. Na kati yakan zo da `WEB` ko `POS` da sunan shafin ko na kamfanin da ya sarrafa biyan. A nan ake yawan ruɗewa, domin sunan da ke sitatimen kan zama na kamfanin da aka yi wa rajista ko na mai shiga tsakani, alhali kai sunan manhajar ka sani. Ka ɗauki adadin da ranar ka bincika a imel ɗinka da saƙonnin waya, galibi rasit zai fito.

Sitatimen ma yana da iyaka, kuma babba ce: abin da aka riga aka cire kaɗai yake nunawa. Izinin da ke raye amma ba a yi amfani da shi ba ba zai bar wata alama a ciki ba. Wannan ne dalilin mataki na uku.

Mataki na uku: tambayi banki a rubuce

Je reshe wajen teburin kula da abokan hulɗa da katin shaida, ko ka aika imel daga adireshin da banki ya sani. Kada ka ce kawai a duba maka ko ana cire maka kuɗi, don ma'aikacin zai buɗe sitatimen ne ya nuna maka abin da ka riga ka gani. Ka nemi abu uku, kowanne da sunansa: jerin umarnin turawa da ke kan asusun, jerin izinin cira da ke kansa, na NIBSS da na Remita, da kuma biyan da ake maimaitawa a kan katinka. A kan kowane izini ka nemi sunan kamfani, da lambar shaidarsa, da iyakar adadi, da ranar ƙarewa. Dalilin rarrabewar shi ne waɗannan bayanai ba a wuri ɗaya suke zaune a kwamfutar banki ba, wani lokaci sai reshe ya tura wa hedikwata. Ka karɓi lambar ƙorafi ko kwafin takardarka da hatimi. Idan kana da asusu a bankuna uku, sau uku za ka yi wannan aikin, har da asusun da ka daina amfani da shi, tunda ranar da kuɗi ya faɗa ciki izinin da ke kansa na iya tashi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka ma'aikaci ne mai albashin naira 180,000 da ke shigowa wajen 26 ga wata. Ya bi sitatimen ya fitar da abu huɗu. Naira 20,000 na fita kowane 28 ga wata zuwa asusun mahaifiyarsa a wani banki, a ƙarƙashinsa akwai cajin naira 26.88, wato naira 25 na taransifa da harajinta. Wannan umarnin turawa ne, kuma ya gan shi a manhaja. Naira 31,500 na fita wajen 30 ga wata da sunan wani kamfanin bashi da doguwar lamba, izinin cira ke nan. Naira 5,500 na fita kowane 12 ga wata da alamar `WEB`, na kati ne. Sai naira 48,000 da ta fita sau ɗaya a watan Maris, ta inshora. Ke nan naira 57,000 ke fita da kanta duk wata, a Maris kuma 105,000.

Ya kuma ga wani wata da aka caje shi naira 5,000 bai san dalili ba. Da ya jera ranakun sai abin ya fito. Albashi ya yi jinkiri a watan, saura naira 35,000 a asusun. Ranar 28 umarnin turawa ya ɗauki 20,000, saura ƙasa da 15,000. Ranar 30 kamfanin bashi ya nemi 31,500 bai samu ba. Kashi 1 cikin 100 na wannan adadi naira 315 ne kacal, don haka aka ɗauki mafi yawan, 5,000. Da umarnin turawar ya jira kwana uku, da bashin ya biyu babu tara. Gyaran yana hannunsa: ya mayar da na mahaifiyarsa 2 ga wata, bayan ranar bashin. Ranar cirar bashi kuwa ba zai iya sauya ta shi kaɗai ba, sai kamfanin ya yarda.

Amsar banki ta kawo na biyar da bai fito a ko'ina ba: izinin cira na wata manhajar bashi da ya gama biya tuntuni, iyakarsa naira 250,000, kuma ranar ƙarewarsa saura shekara biyu. Ba a cire komai a kansa ba, amma a buɗe yake. Irin wannan shi ya fi cancanta a fara sokewa.

Yadda ake tsayar da kowanne

Umarnin turawa kai kaɗai ke soke shi, a manhaja ko da takarda a reshe. Ka yi aƙalla kwana biyu ko uku na aiki kafin ranar, domin wanda aka soke a daren ranar na iya tafiya. Idan adadi kake son canzawa kuma manhajar ba ta ba da damar gyara ba, soke tsohon tukuna ka tabbatar ya mutu sannan ka kafa sabo, in ba haka ba duka biyun za su tafi.

Izinin cira wuri biyu ake rubuta wa. Rubuta wa kamfanin cewa ka janye izini mai lamba kaza, ka nemi amsa a rubuce. Rubuta wa bankinka da lambar nan, ka ce a soke kuma kada a biya wata buƙata a kansa. Ka ba da tazarar aƙalla mako biyu kafin ranar cira ta gaba, ka kuma duba takardar izinin ko ta gindaya wa'adin sanarwa. Idan ka faɗa wa kamfani kaɗai, izinin na iya zama a raye a wajen banki. Idan ka faɗa wa banki kaɗai, kamfanin zai ga ciran ya gaza ya rubuta ka a cikin waɗanda suka ƙi biya. Kuma a sani, soke izini hanyar biya kawai yake rufewa. Idan akwai sauran bashi yana nan daram, ruwa na hawa, sunanka kuma na iya zuwa wajen hukumomin da ke tattara bayanan masu bashi. Wanda ya gama biya ya karɓi takardar shaidar kammalawa ya haɗa da buƙatar sokewar. Inshora ma idan aka tsayar da biyanta kariyar na iya faɗuwa, sai a shirya wata hanyar biya tukuna.

Na kati ana soke shi a shafin da aka yi rajista, a cire katin daga ciki. Idan shafin ya ƙi, ko ba ka gane ko na wane ne ba, ka sa banki ya toshe katin ya ba ka sabo mai sabuwar lamba. Ka tuna hakan zai tsayar da dukkan abin da ke kan tsohon katin, har da waɗanda kake so. Sabon kati kuwa ba ya taɓa izinin cira ko umarnin turawa, domin su a kan lambar asusu suke.

Bayan ranar cirar ta wuce, ka duba sitatimen ka tabbatar ba a cire ba, ka kuma sake neman jerin ka ga matsayin ya koma `Cancelled`. Idan an cire bayan ka soke, ko an haura iyaka, ko ba ka taɓa ba da izinin ba, ka shigar da ƙorafi a bankinka nan take, da kwafin takardar sokewa da sitatimen da hoton allon da ka ɗauka, ka nemi a nuna maka izinin da aka dogara da shi. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki ta `cpd@cbn.gov.ng`, ka sa lambar ƙorafin da bankinka ya ba ka da ranar da ka shigar.